Laraba, ranar da na mayar da saƙon guruf zuwa imel

Yau sai bayan sallar isha'i na samu zama, kuma har yanzu maganar imel ɗin nan ce a raina.

Da safe wajen ƙarfe tara na rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp na ofis: "Wai har yanzu ba ku biya direban nan ba? Kaya na zube a sito tun Litinin fa. Allah ya kyauta." Na bi shi da ɗan hoton fuska mai dariya. Babu wanda ya ji haushi, don kowa a guruf ya san wane direba, wane kaya, ya kuma san yadda nake magana. Ogarmu ta amsa da cewa in tura maganar ta imel ga shugaban sashen kuɗi a hedikwata, in sa ta a CC, saboda can ba sa fitar da ko kwabo a kan maganar guruf.

Ina sauri, sai na kwafe saƙon yadda yake, na cire fuskar dariyar, na ɗora sallama a sama. Allah ya taimake ni Hajiya, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishinmu, tana tsaye a bayana tana jiran firinta. Ta ce, "Tsaya, 'yata. Karanta shi da ƙarfi, ki ɗauka mutumin bai taɓa ganinki ba."

Na karanta, jikina ya yi sanyi. Ashe fuskar dariyar nan ita ke riƙe da saƙon. Da ta fita, "ba ku biya ba" ya koma tuhuma, "fa" ya zama tsawa, "Allah ya kyauta" kuma ya zama habaici ga mutumin da ya girme ni a shekaru da muƙami, a gaban ogata. Ga shi imel ba ya gyaruwa. A WhatsApp kana da minti 15 ka gyara abin da ka tura, a Gmail kuwa Undo Send bai wuce daƙiƙa 30 ba, daga nan ya tafi, kuma ana iya tura shi ga wanda ba ka taɓa zato ba.

Rubutu na biyu sai na zarce. Na cika shi da gaisuwa, da fatan alheri ga iyali, da neman afuwa kan damun Yallaɓai, sannan a layi na bakwai na ce ko zai yiwu a duba batun wani biya idan an samu sarari. Hajiya ta girgiza kai. "Wannan kuma roƙo ne. Zai karanta, ya ji daɗi, ya ajiye. Me kike so ya yi, kuma yaushe?"

A nan na gane inda matsalar take. Abin da ya ɓace tsakanin guruf da imel shi ne duk abin da 'yan guruf suka riga suka sani, kuma tulin gaisuwa ba ya maye gurbinsa. Sai na sake daga farko. A Subject na sa buƙatar kanta da lambar takardar biyan, don a iya lalubo ta ko bayan wata shida. Gaisuwa layi ɗaya. Jimla ta farko ta faɗi abin da nake nema: a amince da biyan kuɗin dakon kaya daga Kano zuwa Gusau. Sai bayani: katan 40 ne, an shirya su tun Litinin, an miƙa takardar neman biya ranar Alhamis da ta wuce, ga kwafinta a haɗe. "Ba ku biya ba" ya koma "kuɗin bai shigo ba tukuna", domin a gaskiya ban san a teburin wa takardar ta maƙale ba, kuma ba ni da hurumin ɗora wa wani laifi. "Tun Litinin fa" ya koma dalili da lokaci: idan aka biya kafin azahar gobe, mota za ta tashi Juma'a da sassafe. Na rufe da tambayar ko akwai wata takarda da ta rage daga ɓangarenmu, sai godiya, cikakken sunana da muƙamina.

Layi takwas ne duka, amma ya ci mini kusan minti 40. Kafin in tura na leƙa ko takardar ta haɗu da gaske, don na taɓa rubuta "ga ta a haɗe" babu komai a haɗe.

Bayan la'asar amsa ta zo. Ashe lambar asusun direban ce ba ta cika ba, lamba tara aka rubuta maimakon goma, kuma daga ofishinmu kuskuren ya fito. Na kira direban, na karɓi lambar daidai, na tura a kan wannan imel ɗin don maganar ta zauna wuri ɗaya. Gobe da safe zan fara leƙa sito in tabbatar an ɗaure katan-katan ɗin kafin mota ta iso.