Jadawalin kuɗin samar da kaya: yadda ake fitar da MC, AVC da ATC ba tare da tuntuɓe ba

Duk mai karatun tattalin arziki, tun daga shirin jarrabawar WAEC har shekarar farko a jami'a, zai ci karo da jadawalin nan mai ginshiƙai biyu: yawan kayan da aka samar a gefe guda, jimlar kuɗin da aka kashe a ɗaya gefen, a ce ya cike sauran. Lissafin bai wuce debewa da rabawa ba. Inda ake faɗuwa shi ne sanin me za a debe, kuma da me za a raba.

A ɗauki gidan buga bulo mai inji ɗaya. Ana kiran yanayinsa gajeren zango ne ba don kwanaki kaɗan ba, sai don akwai abin da mai shi ba zai iya sauyawa yanzu ba: injin ɗaya ne, filin shanya ma ɗaya. Siminti da yashi da man janareta da leburori kuwa yana iya ƙarawa ko ragewa gobe da safe. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne, a naira, na yini guda. Q yawan bulo ne, TC jimlar kuɗi, kuma su kaɗai ake bayarwa. Sauran duk fitar da su aka yi: VC kuɗin da ke sauyawa da yawan bulo, AVC rabon kowane bulo daga VC, ATC rabonsa daga TC, MC kuma kuɗin ƙari, wato abin da ƙarin bulo ɗaya ke ci.

| Q | TC | VC | AVC | ATC | MC |
|---|---|---|---|---|---|
| 0 | 12,000 | 0 | – | – | – |
| 100 | 42,000 | 30,000 | 300 | 420 | 300 |
| 200 | 62,000 | 50,000 | 250 | 310 | 200 |
| 300 | 87,000 | 75,000 | 250 | 290 | 250 |
| 400 | 120,000 | 108,000 | 270 | 300 | 330 |
| 450 | 142,500 | 130,500 | 290 | 316.67 | 450 |

Layin farko shi ne mabuɗi. Ranar da ba a buga ko bulo ɗaya ba, an kashe 12,000: hayar fili, albashin maigadi, biyan bashin inji. Wannan shi ne tsayayyen kuɗi, FC, kuma ba ya motsi har ƙasan jadawalin. A debe shi daga TC na kowane layi, abin da ya rage shi ne VC, kuɗin da ke tafiya da yawan aiki. A wannan layin na sifili ba a rubuta AVC ko ATC, domin ba a raba lamba da sifili. Ɗan layi ake ja, ba a sa 0 ba.

```
VC  = TC − FC
AVC = VC ÷ Q
ATC = TC ÷ Q
MC  = ΔTC ÷ ΔQ
```

AVC da ATC matsakaita ne, kowanne a cikin layinsa ake gama shi. A bulo 400, a raba 108,000 da 400 a sami 270, a raba 120,000 da 400 a sami 300. Tazarar 30 da ke tsakaninsu rabon kowane bulo ne daga tsayayyen kuɗi, wato 12,000 raba 400. Wannan tazara dole ta riƙa tsukewa: 120, 60, 40, 30, sai kusan 27. In ta buɗe a wani layi maimakon ta tsuke, akwai kuskure a rabawa, a koma a duba.

MC shi ne mai cin mutane, domin ba ɗan layi ɗaya ba ne, tsakanin layuka biyu yake zaune, kuma alamar Δ bambancin da ke tsakaninsu take nufi. Tambayar da yake amsawa ita ce: kowane bulon da aka ƙara, nawa ya ƙara wa jimlar kuɗi? Daga 200 zuwa 300 kuɗi ya tashi daga 62,000 zuwa 87,000, bambancin 25,000, an ƙara bulo 100, saboda haka MC 250 ne. Littattafai da yawa suna fara koyarwa da jadawalin da Q ke tafiya 1, 2, 3, inda debewa kaɗai ta isa tunda rabawa da 1 ba ta sauya komai. Hannu sai ya saba, a manta da rabawar.

Dubi layi na ƙarshe. Bambancin kuɗi 22,500 ne, na layin da ya gabace shi kuwa 33,000. Wanda bai kalli ginshiƙin Q ba zai ce kuɗin ƙari ya sauka, ko ya raba da 100 bisa sabo ya sami 225. Amma bulo 50 kawai aka ƙara, don haka MC 450 ne, mafi tsada a jadawalin gaba ɗaya. Masu tsara jarrabawa na son irin wannan tarko.

Akwai hanyar tabbatarwa mai sauƙi. A ninka kowane MC da yawan bulon da aka ƙara a matakinsa, a tara: 30,000 da 20,000 da 25,000 da 33,000 da 22,500 sun ba da 130,500, daidai da VC na ƙarshe. Wannan ma ya nuna cewa ko da TC aka yi aiki ko da VC, MC ɗaya zai fito, tunda tsayayyen kuɗi yana ɓacewa wajen debewa. Mai fili ya ƙara haya, ATC zai tashi, amma MC da AVC ko gezau.

Me ya sa MC ya fara sauka sannan ya hau? A bulo 100 leburori biyu ne ke kwaɓa, su buga, su kwashe, inji na zaman jira yana shan mai. A 200 an raba aiki, kowa da nasa. Daga nan sai inji ɗaya ya yi wa mutane kaɗan: ana layi a bakinsa, filin shanya ya cika, ɗanyen bulo na farfashewa wajen ɗauka, ga kuɗin aikin dare.

Alaƙar MC da matsakaitan kamar makin ɗalibi ce: sabon maki in ya gaza matsakaicinsa sai ya ja shi ƙasa, in ya fi shi sai ya ɗaga shi. MC na 250 ya gaza ATC na 310, ATC ya sauko 290. MC na 330 ya fi 290, ATC ya koma 300. A mataki na uku kuwa MC ya zo daidai da AVC, 250 da 250, shi ya sa AVC bai motsa ba, nan ne ƙasansa. Lura cewa AVC ya riga ATC kaiwa ƙasa, domin raguwar rabon tsayayyen kuɗi na ci gaba da jan ATC na ɗan lokaci.

Kuskuren da ya fi tsada ba na lissafi ba ne, na karatun jadawalin ne: ɗauka cewa inda ATC ya fi ƙanƙanta nan riba ta fi yawa. A ce ana sayar da bulo 350. A 300, ciniki 105,000, riba 18,000. A 400, ciniki 140,000, riba 20,000, duk da ATC ya hau, saboda kowane bulon ƙari ya ci 330 an sayar da shi 350. A 450 riba ta faɗo 15,000, don an kashe 450 a kan abin da ya kawo 350.

In farashi ya karye zuwa 270, AVC ne abin dubawa. Buga 300 zai kawo 81,000, asarar 6,000. Rufe gida kuwa asarar 12,000 ce cur, don haka a ci gaba da bugawa. Amma a farashin 240, wanda bai kai 250 ɗin ƙasan AVC ba, ko layin da ya fi dama-dama, na bulo 200, asarar 14,000 zai jawo. Ranar gara a kashe janareta a biya maigadi.