Santimita biyu

Talata, ranar awon yara don gano masu tamowa. Ruwan daren jiya ya ɓata hanyar ƙauyukan da ke bayan Talata Mafara, saboda haka matan ba su iso ba sai wajen ƙarfe goma, amma da suka iso sai rumfa ta cika har bakin rijiya. Watan Agusta ya saba kawo mana haka, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga zazzaɓi da gudawa.

Abin da ya hana ni sakewa har yanzu shi ne wani yaro ɗan wata goma sha takwas da kakarsa ta kawo. An zagaya tef a damtsensa ya nuna santimita 11.8, wato launin rawaya na tef ɗin, domin ja, alamar haɗari, sai an sauka ƙasa da 11.5. An danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku, yatsa bai bar rami ba, saboda haka babu kumburi. Sikeli ya ba da kilo 7.3 bayan an tuɓe masa riga an cire layun wuyansa. Ɗalibarmu ta kwantar da shi a allon awo ita kaɗai, yana kuka yana naɗe ƙafa, ta rubuta tsawonsa santimita 73.

A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 wanda ke manne a bangonmu, ana bin layin tsawon yaro ne a ga nauyin da ya dace da shi, sannan makin Z ya faɗi matakai nawa ya sauka daga tsakiyar yara masu lafiya. Ƙasa da -2 rama ce, ƙasa da -3 kuwa tamowa ce mai tsanani. Ga namiji mai santimita 73, layin -3 yana kan kilo 7.2, na -2 yana kan 7.7, don haka 7.3 ta faɗa tsakaninsu: rama matsakaiciya, nasiha kan abinci, a dawo wani zuwan. Tef da jadawali sun yi baki ɗaya, kuma kakar har ta fara gyara zanen goyo.

Haƙarƙarinsa ne bai yarda da takardar ba, ga fatar ɗuwawunsa duk ta tattare. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a sake kwantar da shi." Ta ce, "Malama, ba yanzu aka auna shi ba? Tafiya gare mu." Na ba ta haƙuri, na sa ɗalibar ta riƙe kansa ya manne da katakon sama yana kallon rufi, ni kuma na danne gwiwoyinsa a hankali har suka miƙe, na turo katakon ƙafa ya zauna sosai a tafinsa. Santimita 75. Muka sake, ya sake ba da 75.

A wannan layin, matsakaicin nauyi kilo 9.5 ne, -2 yana kan 8.1, -3 kuma yana kan 7.5. Yaron bai rage ko giram ɗaya ba, amma kilo 7.3 ɗin nan yanzu ta koma ƙasa da -3. Lanƙwasar gwiwa tana gajarta yaro a takarda, gajeren yaro kuwa jadawali ba ya neman nauyi mai yawa a wurinsa, shi ya sa wannan kuskuren kullum yake ɓoye tamowa, ba ya ƙara ta. Ban yi wa yarinyar faɗa ba, domin aikin mutum biyu aka bar mata ita ɗaya saboda cunkoso. Na dai tuna mata cewa ɗan ƙasa da shekara biyu a kwance ake auna shi, idan kuma dole ta sa aka auna shi a tsaye, sai a ƙara santimita 0.7 kafin a duba jadawalin kwance.

Mun gwada cinsa da ƙunshin abincin tamowa na gyaɗa. Ya fara da kawar da kai, daga baya ya karɓa daga yatsan kakarsa ya ci yadda ake so, kuma babu zazzaɓi mai zafi ko saurin numfashi, don haka ba mu tura shi kwanciya ba. An buɗe masa kati, an ba shi na mako guda da maganin da ake haɗawa da shi, na kuma ja kunnen kakar kada a raba da yayyensa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tef da allo ba yara ɗaya suke kamawa ba. Tef ya fi kama ƙanana da gajeru, allo kuma yakan kama dogaye sirara waɗanda damtsensu bai kai ja ba tukuna. Masu zagayen ƙauye tef kaɗai ke hannunsu, kuma da a can aka ga wannan yaron, da rawaya za a rubuta a wuce gida na gaba.

Wutar lantarki ba ta dawo ba, rahoton mako sai da safe. Na riga na roƙi Malam, mai kula da wurin nan, ya ba mu mutum ɗaya ya tsaya a allon awo ranar Talata mai zuwa.