Inda na kai: baiti ɗaya, na gwada shi a takarda, na gwada shi a bakin kiɗa

'Yan uwa masu koyo, aikin da na sa a gaba kwanan nan shi ne in ɗauki magana ɗaya, in yi ta rubutacciyar waƙa, sannan in sāke ta ta zama waƙar baka, don in ga inda suka rabu. Da yawanmu mun fara da zaton cewa ɗaya ana rerawa, ɗaya kuma karantawa kawai ake yi. A nan Sakkwato wannan zato ba ya tsayawa. Waƙoƙin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da na 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, an rubuta su da ajami, amma da murya suka yaɗu, domin jajojin 'yan taru, wato malamai matan da Nana Asma'u ta horar, haddace su suke yi su rera wa mata a ƙauyuka. Ke nan duka biyun ana rerawa. Abin da ya raba su shi ne mai riƙe da awo. A rubutacciya, kalmomin da kansu ke ɗauke da awon. A ta baka, kiɗa da 'yan amshi ke ɗauke da shi.

Na fara da ta takarda. Na zaɓi ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, saboda ita ce mafi sauƙi ga mai farawa. Ga abin da na samu:

Ruwa ya zubo, mun fito mun yi shuka,
Da gero da dawa, mu girbe da kaka.

Amsa-amon a fili yake, kowane ɗango ya ƙare da "ka". Wannan kowa na ji. Wanda ke ɓoye shi ne kari, wato awon gaɓoɓin ɗango. Gaɓar Hausa iri biyu ce: mai sauƙi, wato baƙi da gajeren wasali kamar "da", sai mai nauyi, wadda ke da dogon wasali kamar "wa" ta cikin "ruwa", ko tagwan wasali kamar "sau" ta cikin "sauka", ko wadda baƙi ya rufe kamar "mun". Boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka sai ka furta a hankali ka saurari bakinka. Raba ɗangon farko uku-uku: ru-wa-ya, zu-bo-mun, fi-to-mun, yi-shu-ka. Kowane kashi mai sauƙi ɗaya ce a gaba, masu nauyi biyu na biye. Na biyun ma haka: da-ge-ro, da-da-wa, mu-gir-be, da-ka-ka. Wannan shi ne karin da masana aruli ke kira mutaƙarab, ɗaya daga cikin waɗanda malamanmu suka ɗauko daga waƙar Larabci.

Yanzu gwada wannan da kanka. Cire "zubo" ka sa "sauka": Ruwa ya sauka, mun fito mun yi shuka. Ma'ana ba ta canja ba, yawan gaɓoɓi ma yana nan goma sha biyu. Amma "zubo" mai sauƙi ce sannan mai nauyi, "sauka" kuwa mai nauyi ce sannan mai sauƙi. Rera shi da muryar da ka rera na farko, za ka ji harshenka ya yi tuntuɓe daidai wurin. Wannan ne ake kira karyewar kari. Duk inda ka ji dole sai ka ja gajeren wasali, ko ka haɗiye dogo, kafin ɗango ya zauna, to ya karye, komai daɗin amsa-amonsa. Shi ya sa ƙirga gaɓoɓi kaɗai ba ya isa, sai an auna su.

Da na juya ga waƙar baka, na kai baitin nan wurin wani dattijon unguwarmu da ya yi amshi a ƙuruciyarsa. Ya saurara, ya ce, "Yaro, wagga ta malamai ce. Ina gindinta? Mi 'yan amshi za su riƙa?" Na ce, "Baba, sai ka nuna mini." Gindi shi ne 'yar gajerar maganar da ake komawa gare ta bayan kowane ɗan waƙa, ita ce kuma abin da mai sauraro ke tafiya gida da shi. Ɗiyan waƙa su ne sassan da jagora ke kawowa tsakanin gindi da gindi. Ga yadda muka sāke ta, yana buga awo da tafi a cinyarsa:

Gindi: Tashi mai gona, hadari ya taso.
Jagora: Ruwa ya sauka,
'Yan amshi: Ya sauka Wamakko, ya sauka Kware.
Jagora: Ina mai kalme? Ina mai gero?
'Yan amshi: Tashi mai gona, hadari ya taso.

Duba, "sauka" ɗin da ta karya baiti ta zauna a nan lafiya lau, har sau uku. Layin jagora na farko gaɓa biyar ne kacal, na 'yan amshi ya ninka shi, kuma babu wanda ya ji gurgunta, don tafin bai tsaya ba. Inda magana ta gaza, jagora ya ja murya ko ya bar kiɗa ya cike gurbin. Inda ta yi yawa, ya gaggauta. Amsa-amo ma babu, "taso" da "Kware" ba su haɗa komai ba. Maimaici, wanda a takarda zai sa a ce marubuci ya rasa abin faɗa, a nan aiki yake yi: yana ba jagora damar numfashi da tunanin ɗan da zai biyo, yana kuma ba mai sauraro damar kama maganar, tun da ba shi da shafin da zai koma ya duba.

Sunayen garuruwan nan ma ba a kafe suke ba. Da a Bodinga ake kiɗan, Bodinga za ta shiga. Haka manyan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa mai kotso da Salihu Jankiɗi mai taushi suka yi aiki: gindi na nan daram, ɗiya kuwa ana ƙarawa, ana ragewa, ana sauya musu wuri gwargwadon wanda ke zaune a gaba. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya a ɗauka biyu ta bambanta. Rubutacciya ba ta yarda da haka. Takan buɗe da sunan Allah da salati, ta bi jigonta baiti bayan baiti, ta rufe da addu'a, wani lokaci har da sunan mai ita da shekarar da ya gama. Ka ɗauke baiti daga tsakiya, zaren ya tsinke.

A ganina, wanda bai taɓa yin ko ɗaya ba ya fara da ta takarda, ko da burinsa waƙar sutudiyo ce. Dalilina shi ne kiɗa na rufa asiri, mai koyo zai daɗe yana jan wasula bai san yana yi ba. Kuma waƙoƙin zamani a tsakiya suke: ana rubuta su, suna da amsa-amo kamar na malamai, suna da amshi kamar na makaɗa, don haka kunnen da ya saba da nauyin gaɓa ba zai yi asara ba.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ƙwar huɗu, inda ɗango ukun farko ke da ƙaramin amsa-amo mai canjawa daga baiti zuwa baiti, na huɗun kuma ya riƙe babban amsa-amo har ƙarshen waƙa. Zan tsaya kan mutaƙarab da "ka" a matsayin babba, don haka na fara tara kalmomi masu gaɓa biyu masu nauyi irin su "shuka", "kaka" da "bukka", tun da su ne za su zauna a ƙarshen ɗango ba tare da an matsa musu ba.