Shekarar da rago ya cinye min kuɗin kaye

Ƙannena masu shirin kafa tebur na kayan rantire, wato komawa makaranta bayan dogon hutu, ku zo in ba ku labarin yadda na ƙone hannuna a 2017, dan har yau in na ga yaro ya jibge littattafai a bakin babbar kasuwar Garwa sai gabana ya faɗi.

A 2016 na fara, da jaka 150, wato sefa 150,000. Kaye, wato littafin rubutu, bik, alli, allo, ɗan fensir da rula, shi ke nan. An koma lekol ran Litinin 5 ga Satumba, kafin sati ya zagayo tebur ɗina ya koma fayau, har ina zuwa wajen maƙwabci ina karɓo kaye ina sayarwa in ci sefa 25 a kai. Sai kaina ya kumbura, na ce ai da jarina ya kai ninki huɗu da ribar ma ta ninka huɗu. Lissafin dokin rano kenan. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne a waccan shekarar Babbar Sallah ta zo ran 12 ga Satumba, sati guda BAYAN rantire, iyaye sun riga sun sayi kayan makaranta kafin hankalinsu ya koma kan rago.

Da 2017 ta zo na shiga da jaka 600. Nawa na kaina 250, na ɗauki adashi 200, sauran 150 kuma kaya ne wani Alhaji mai sari ya ba ni bashi kan zan biya ran 15 ga Satumba. Na zuba 220 a kaye, 50 a su bik da alli da allo, 130 a jakunkunan goyo masu hoton katun, 200 kuma a littattafan karatu na firamare da na lise, dan na ga riba ta fi kauri a nan. Ranar da nake loda kayan a amalanke Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka duba kalanda kuwa?" Na ce, "Baba Alhaji ai rantire 4 ga wata ce." Ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbinsa. Ni ina nufin kalandar bango, shi kuma wata yake nufi.

Sallah ta faɗo ran Juma'a 1 ga Satumba, lekol ran Litinin 4 ga wata. Kwana uku tsakani, kuma wannan karon rago ne a gaba. To ku yi tunanin magidanci ɗaya. Ma'aikacin gwamnati albashinsa na fita ne wajen ƙarshen wata, kuɗin ƙarshen Agusta ɗin nan guda ɗaya shi zai sayi rago, shi zai biya tela, shi zai yi cefanen Sallah, shi kuma zai yi rajistar yara. Manomi kuma ba a magana, Agusta tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, masara ba ta shigo ba, kuɗin auduga sai rani. Duk wanda ya zo farko a cikin bukukuwan nan biyu shi ke cinye aljihu, na biyun sai dai ya lashi kwano. Kuma tsakani da Allah wane uba ne zai bar yaransa suna leƙen ragon maƙwabta dan ya sayi littafin lissafi? Metir zai iya haƙuri sati biyu, ranar Layya kuwa ba ta jira.

Satin ƙarshe na Agusta, wanda a lissafina shi ne satin da zan ƙirga kuɗi har yatsa ya gaji, sai na zauna ina korar ƙuda. Mutane suna wucewa ta gabana da igiya a hannu. Wata Hajiya ta zo da lis ɗin yara uku, ta karanta min shi tun daga sama har ƙasa, na tattaro komai na ɗora, kuɗi ya kama jaka 41, ta yi shiru, sannan ta fara cirewa ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da littattafai, ta mayar da jaka ta ce ta bara ma za a kai wa mai ɗinki ya gyara zif, ƙarshe ta tafi da kaye shida da bik uku. Haka kusan kowa ya yi. Kaye dole ne, yaro ba ya shiga aji hannu rabbana, amma littafi ana iya leƙa na abokin zama ko a nemi tsoho wajen ɗan maƙwabta.

Ran 15 ga Satumba abin da ya shigo hannuna jaka 270 ne, wasu 60 kuma suna waje wajen 'yan unguwa masu "sai ƙarshen wata". Na kai wa Alhaji 150 ɗinsa dan ban isa in ɓata da shi ba, ga zubin adashi yana jirana, kuma fa adashi in ka riga ka ɗauka ba ka da bakin cewa kasuwa ba ta yi ba. Sai da na sayar da moto ɗina.

Abin da nake so ku ji da kyau shi ne makomar kayan da suka rage, dan a nan ne asarar gaskiya take, ba a ranar da kasuwa ta yi sanyi ba. Kaye bai ba ni ciwon kai ba ko kaɗan. Na ɗora katan ɗin a kan katako dan kar damshi da gara su taɓa shi, da albashin ƙarshen Satumba ya fita sai ga iyaye suna dawowa, Oktoba ma ya tafi, a Janairu da aka koma zango na biyu yaran da kayensu ya cika suka kwashe sauran. Barci kawai ya yi ya tashi. Bik ma haka, sai dai wasu sun bushe. Jakunkuna kuwa tsufa suka yi a hannuna, zafin Garwa na Maris da Afrilu ya sa ledar jikinsu ta fara ɓarewa, hoton ya koɗe, da shekara ta zagayo yara sun koma son wani katun daban, na sayar da ta jaka 3 a 1,500 ina godiya.

Littattafai su ne suka mutu murus. Na ce ba komai, baɗi ma rana ce, na ɗaure na kusan jaka 140 a buhu. Ashe gwamnati na shirin canja tsari, daga rantire ta 2018 aka koma littafi ɗaya tak a kowane darasi a ƙasa baki ɗaya, aka fito da sabon lis, yawancin nawa ba sa ciki. Littafin da ba ya cikin lis kuwa ko kyauta ka ba uba sai ya tambaye ka me zai yi da shi. Wasu na kai wa masu sayar da tsofaffin littattafai suka saya kamar suna min alfarma, sauran kuma wani mai tsire a unguwarmu ya naɗe nama da su, da idona na ga shafin nahawun Faransanci ya jiƙe da mai da ƙuli.

Ku yi lissafin da ni ban yi ba. Littafin da na saro 4,000 ina sayar da shi 4,600, riba 600. In guda ɗaya ya kwana ya mutu, ya cinye ribar kusan guda bakwai da na sha rana na sayar. Kaye ribarsa sefa 50 zuwa 75 ce, abin raini, amma ba ya mutuwa. Ni kuwa kashi ɗaya cikin uku na jarina na zuba a kayan da ke mutuwa, kuma da kuɗin mutane. Yanzu littafi ba na ajiye shi sai uba ya kawo lis ya ba da rabin kuɗi, in je in karɓo masa washegari. Wasu suna fushi su tafi wani tebur, su tafi lafiya.

Sari ma na daina yin sa gaba ɗaya. Farkon Agusta nake ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na abin da nake ganin zan sayar, in riƙe sauran kuɗin a hannu. Dalilin yin farkon da wuri shi ne kayan kudu sai sun hau jirgin ƙasa ko manyan motoci zuwa Ngaundere sannan su gangaro mana, lokacin ruwa ne, mota ɗaya ta kwanta a hanya sai masu sari su ƙara kuɗi. Daga wajen 25 ga wata sai in zuba ido. In iyaye suna zuwa da lis suna biya ba tare da cire komai ba, in koma in ƙaro. In suna tambayar farashi suna cewa bari su zagayo, ko suna sayen kaye biyu a maimakon goma, to aljihu ya tafi wani wuri, in zauna da kuɗina. Ranar biyan bashi kuma ban ƙara yarda a sa min tsakiyar Satumba ba, sai bayan albashin ƙarshen wata ya fita, ko da mai kaya zai ƙara min ɗan wani abu a kai.

Masu kayan biki ma abin ɗaya ne, ƙanwata tana sayar da kwanuka da kuloli na gara kuma ita ta fi ni wayo tun farko. Ba ta kallon Janairu ko Fabrairu, tana kallon yaushe azumi zai kama, dan ana tura aure sosai kafin azumi, sannan tana sauraron yaushe kuɗin auduga zai shiga ƙauyuka. In biyun suka haɗu sai ta kwashi kaya ta nufi kasuwar Pitowa ran Lahadi. In ba su haɗu ba ta rage sari.

Wata yana ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, rantire kuma tana nan daram a farkon Satumba, shi ya sa abin da ya yi maka aiki bara ba lallai ya yi bana ba. Yanzu Babbar Sallah ta matso wajen Mayu da Yuni, ta bar masu kaye sun sarara, amma ta je ta haɗu da lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da iri, masu kiwon rago dan Sallah sai su yi nasu lissafin. A 2025 kuma Mauludi ne ya faɗo dab da komawa lekol, masu ɗinkin kayan yara na Islamiyya da masu yunifom suka yi ta jan aljihu ɗaya.

Har yanzu akwai littafi ɗaya daga cikin na 2017 a ƙarƙashin tebur ɗina, na lissafi ne na aji shida, shi nake tokare ƙafar tebur da shi dan ƙasan wajen ba daidai take ba. Alhaji duk sanda ya biyo ta wajen sai ya taɓa shi da sandarsa ya ce, "Ɗana, wannan nawa ne?"