Ranar da mai gidan haya ya nemi izinin shiga gidansa

Watanmu huɗu a birnin Leeds na Ingila saƙon ya shigo wayata, ranar Litinin da hantsi. Mai gidan da muke haya ne. Wai ranar Alhamis, tsakanin ƙarfe 9 da 12 na rana, zai zo da ma'aikacin gas a duba tukunyar dumama gida, shi kuma ya leƙa ɗakuna. Idan lokacin bai yi mana ba, mu faɗa.

Gabana ya faɗi. A Kano in mai gida ya ce yana tafe, ko ƙarin kuɗi ne ko takardar tashi. Ga shi Abban yara yana aiki ranar, ni kaɗai zan rage da baƙi maza biyu.

Na kai wa wata Hajiya 'yar Kumasi, wadda ta shekara ashirin a garin. Ta karanta ta yi dariya.

"'Yata, ai sallama ya yi miki. A Ingila gidan haya ma ba a shiga."

Ta ce doka ta wajabta masa sanarwa a rubuce, aƙalla awa 24 kafin ya zo duba gida, kuma a lokacin da ya dace. Mukullin da ke hannunsa bai ba shi damar buɗewa ya faɗo ba, sai in abin gaggawa ne, kamar gobara ko yoyon gas. Duba gas kuwa dole ne sau ɗaya a shekara, don haka kada in hana, in dai canza rana. Na rubuta masa cewa Asabar ta fi mana, maigidana yana nan. Ko minti goma ba a yi ba ya amsa da to.

Wautar da na tafka daban ce. Daren Juma'a na duƙufa na kankare baƙar funfunar da ta fito a kusurwar ɗakin yara, bayan gado, don kada a ce mun ɓata gida. Ashe shaidata na goge. Da na yi wa mai gidan hayar ƙorafin danshi, ya shafa bango, fes. Ya ce in ɗauki hoto in ta dawo. Sai da na jira mako uku kafin a turo mai gyara, aka gano bututun ruwan sama ne ya tsage ta waje.

Ma'aikacin gas ya nuna katinsa na Gas Safe, wato shaidar rajistar masu aikin gas, tun daga ƙofa, ya yi kamar rabin awa, takardar sakamako ta iso cikin mako, ko da yake doka ta ba su kwana 28. Yana fita ya ɗaga kai ya ga safar da na rufe ƙararrawar hayaƙi da ita saboda turaren wuta. Bai ce uffan ba. Ya miƙa hannu ya zare, ya danna ƙararrawar ta yi ƙara, sannan ya ba ni safata.