Abin da sikeli ya nuna mini a kan kumfar madara

Na fara aikin haɗa gahawa a wani otal a Birnin Kebbi ina ɗauka cewa kafucino, fulat wayit da kotado abu ɗaya ne, girman kofi kawai ya raba su. Wata safiya wani Alhaji da ya daɗe yana tafiye-tafiye ya nemi fulat wayit, na kai masa. Ya sa cokali ya ture kumfar, ya ce, "Ɗana, ai wannan kafucino ne." Da gaskiyarsa. Ranar maigidana ya ajiye mini sikeli kusa da injin, ya ce kada in ƙara zuba komai sai na auna.

Dukansu ukun daga esfireso suke farawa, wato gahawa mai ƙarfi da inji ke tatsowa. Namu mai ninki biyu garin gahawa giram 18 ne, ya fito da ruwa giram 36 cikin sakan 25 zuwa 30. Daga nan hanya ke rabuwa.

Kafucino na Italiya ne, kuma ma'auninsu esfireso mililita 25 ne da madara mai sanyi mililita 100, wadda tururi zai kumbura ta ta kai kusan 125, a kofi mai cin 150 zuwa 160. Ana yawan cewa kashi uku ne daidai, gahawa, madara da kumfa, amma da na auna sai na ga gahawar ba ta wuce kashi ɗaya cikin shida ba. Abin dubawa shi ne kaurin kumfa, ya haura santimita ɗaya, ta yadda in ka ture da cokali ba za ka ga ruwa nan take ba.

Fulat wayit kuwa, wanda Ostireliya da Niyu Zilan ke jayayya kan asalinsa tun shekarun 1980, kofinsa kusan ɗaya ne da na kafucino. Shi ya ruɗe ni. Amma giram 36 ɗin duka ake zubawa, a bi da madara wajen giram 115, kumfa kuma kada ta wuce rabin santimita. Na cika kofi biyu maƙil na ɗora a sikeli, bayan na cire nauyin kofin: kafucino giram 125, fulat wayit giram 151. Ido na ganin su daidai, alhali giram 26 ne a tsakani, kuma gurbinsu a kofin kafucino iska ce zalla. A nan na gane cewa iskar da nake shigarwa cikin madara ita ce ma'aunin da ban taɓa lissafawa ba.

Iskar nan lokacinta ƙalilan ne. Ana riƙe bakin bututun tururi dab da saman madarar har a ji ƙara kamar ana yaga takarda, kuma a gama wannan kafin moɗar madarar ta yi ɗumin jiki, wajen digiri 37. Daga nan a ɗan nutsar da bututun, madarar ta riƙa juyawa tana farfasa manyan kumfa, a tsaya a digiri 60 zuwa 65. A injinmu fulat wayit sakan biyu zuwa uku na iska ya ishe shi, kafucino sai biyar zuwa shida. In ta haura 70, zaƙin ya gudu, warin dafaffiyar madara ya fito.

Zafin Afrilu ya koya mini sauran. In aka ɗauke wuta cikin dare, madarar da ya kamata ta fito daga firji a digiri 4 sai ta wayi gari da ɗumi. Kafin in shigar da iskar da kafucino ke buƙata ta riga ta wuce 37, kumfar ta fito da manyan idanu kamar ta sabulu, ta kwanta kafin a kai tebur. Yanzu nakan binne kwalin madara da moɗar a cikin kular ƙanƙara. Madarar da ta taɓa shan tururi kuma ba na mayar da ita, don furotin ɗin da ke riƙe kumfa ya riga ya dahu.

Kotado na Sifen ne, sunan daga kalmarsu ta yankewa, wato madara ta yanke ɗacin gahawa ba tare da ta rufe ta ba. Ɗaya bisa ɗaya ne: giram 36 na esfireso, madara wajen 40, a ƙaramin tambulan, kumfa ɗan shafi kawai. Wahalarsa ita ce madara giram 40 ba ta juyawa a moɗa, nan da nan take ƙonewa. Nakan dafa giram 120 in tsaya a digiri 55, tunda nan take ake shanyewa, in zuba a kan sikeli, ragowar in haɗa wa masu gadi shayi.