Lissafin 72 da na yi rabi na bar rabi

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya same ni a shago a Kantin Kwari, ya miƙo mini waya yana murna. Wai zai ajiye naira dubu 500 a inda ake ba da ribar kashi 18 cikin ɗari a shekara. "Kawu, shekara huɗu kawai, sun zama miliyan." Na ce wa ya koya maka? Ya ce ai 72 ake rabawa da 18. Sai na ji gabana ya faɗi, don da irin wannan gaggawar na cuci kaina.

Lissafinsa daidai ne. Ka ɗauki ribar shekara, ka raba 72 da ita, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗin zai yi kafin ya ninka. Kashi 8 shekara 9 ne, kashi 12 shekara 6. An zaɓi 72 ne don tana rabuwa da 2, 3, 4, 6, 8, 9 da 12 ba saura, shi ya sa ake iya yi da ka.

Ni na ajiye dubu 500 ne a kan kashi 12, na ce shekara shida sun ninka. Amma duk ƙarshen shekara sai in je in zare ribar, dubu 60, in yi hidimar gida. Lissafin kuwa yana aiki ne kawai idan an bar riba ta hau kan uwar kuɗi ita ma ta haihu. Da na bari, shekarar farko dubu 560, ta biyu dubu 627, ta shida kusan dubu 987. Mai zare riba kuwa, 100 zai raba da 12, wato shekara takwas da wata huɗu kafin abin da ya karɓa ya kai uwar kuɗin, shi ma ya riga ya cinye. Zan iya cewa kuɗin makarantar yara ne ya tilasta ni, kuma gaskiya ne, wa zai bar ɗansa a gida don lissafi? Amma ba kowace shekara ba ce dole. Wata shekarar son zuciya ne, kuma ban taɓa zama da biro na duba ba.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Ban san wannan 72 ɗin a kan tsadar kaya ma tana aiki ba. Idan farashi yana hawa kashi 24 a shekara, buhun shinkafa a Singa zai ninka cikin kimanin shekara uku. Kai kuma kuɗinka na kashi 18 sai ya yi huɗu. Bayan shekara 12, kuɗinka ya ninka sau uku, ya zama takwas na asali, kaya kuwa sun ninka sau huɗu, sun zama sha shida. A takarda ka samu, a kasuwa rabin kayan da zai sayo a da kake ɗauka. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8, wato shekara biyu da ɗan abu kaya sun ninka.

Na fara yi masa wannan bayani, idonsa na kan waya. Yaran yanzu lamba ɗaya suke so a ba su, su ruga.

To ga abin da na ce masa. Ka fara tambayar abin da zai shigo hannunka bayan an cire haraji da caji. Idan aka cire kashi 10 na ribar, 18 ta koma 16.2, shekara huɗun ta zama huɗu da wata biyar. In kuma mudaraba ce, wato ka ba da jari wani ya juya ku raba riba, kamar yadda da yawanmu a Kano muke yi don gudun kuɗin ruwa, ribar ba tsayayya ba ce, sai ka yi lissafi da ta shekarar da ta fi ƙasa. Ka kuma sani lissafin ya fi daidai a wajen kashi 6 zuwa 10. Da riba ta yi sama sai ya riƙa rage lokaci: a kashi 18, bayan shekara huɗu dubu 969 za ka tarar, miliyan bai cika ba.

Wanda ya ce maka kashi 30 a wata, raba 72 da 30 a gabansa. Wata biyu da rabi ke nan kuɗi ya ninka. Wace sana'a ce a Kwari ko Kurmi take haka? Tashi ka bar wurin.

Kada ka taɓa ribar ko kobo. Ko da yake, in rashin lafiya ya zo gida, cire ka yi magani, ni ma haka zan sake yi. Sai dai daga ranar ka goge shekara huɗun, ka sake raba 72 da kashin ribar, ka fara sabon ƙirge a kan abin da ya rage yana haihuwa. Ya ce to Kawu, zai koma ya tambaye su nawa ake cirewa.